Inda Muka Rataye Rauta a Gidan Kawu: Nazarin Gida Ɗaya a Birnin Kebbi

A farkon hunturun bara kawuna ya kira ni bayan sallar isha'i, ya ce in zo Badariya in duba masa rauta, na'urar nan da ke raba intanet a gida. Wata huɗu ke nan da sayenta, irin mai ɗaukar sim ɗin nan ce, kuma ya riga ya canza mata layi sau ɗaya ba a ga bambanci ba. A falonsa komai lafiya lau. Ɗakin Hajiya babba kuwa kiran bidiyo sai ya riƙa tsayawa, hoton ɗanta da ke Kaduna ya daskare a fuskar waya. Ɗakin Anti amarya sai an fito bakin ƙofa. 'Yan mata, waɗanda ɗayarsu ke karatu a Jami'ar Tarayya ta Birnin Kebbi kuma ita ce mafi buƙatar abin, sun ma daina gwadawa, sun koma sayen data a wayoyinsu. Ga kuɗin wata ana zubawa a rauta, ga wani ana kashewa a gefe.

"Ka nemo min babba mai ƙahoni huɗu," in ji Kawu. "Wannan ba ta da ƙarfi."

Na ce, "Kawu, a ba ni yini ɗaya tukuna. In ban gyara ba sai a saya."

Aikina ke nan, haɗa sola da jan kebul a gidaje da shaguna, kuma na sha ganin an sayi sabuwar rauta an mayar da ita daidai inda tsohuwar take, matsalar tana nan ba ta gusa ba. Gidan Kawu ya koya min abin da nake so in rubuta a nan, domin ginin irin wanda yawancinmu muke ciki ne, kuma shawarar da aka saba bayarwa, wai a sa rauta a tsakiyar gida, ba ta isa ba a irin wannan gini sai an ƙara mata bayani.

Fasalin gidan

Fili ne hamsin da ɗari, wato kusan mita 15 a faɗi, mita 30 a tsawo, ƙofarsa na kallon gabas. Daga titi za ka shiga zaure. Hannun dama sashen Kawu ne, falo da turaka. Hannun hagu shagon samari ne, ƙofarsa na buɗewa waje. In ka wuce zaure ka faɗa tsakar gida, doguwa, faɗinta kamar mita shida. A ɓangaren arewa ɗakuna huɗu ne a jere da baranda a gabansu: falon Hajiya da uwar ɗakanta, sannan falon Anti da uwar ɗakanta. A ɓangaren kudu akwai kicin, sai sito, sai tankin ruwa na roba a kan ƙafafun ƙarfe. Can ƙurya ta yamma ɗakin 'yan mata ne, ƙofarsa na kallon tsakar gida. Bangon waje bulo ne mai inci tara, na tsakanin ɗakuna mai inci shida, an shafe su da siminti ciki da waje. Rufin kwano ne. Ƙofofin duk na ƙarfe ne, wannan kuma zai dawo mana daga baya.

Rautar na same ta a falon Kawu, cikin kantar talabijin, a gidan ƙasa, an rufe ta da murfin gilashi. Kusa da ita akwai dikoda da sitabilaiza, sama da ita talabijin. Kantar kuma tana kusurwar arewa maso gabas, wato ƙarshen gidan ta wajen titi. Dalilin Kawu ba shi da laifi: a nan soket yake, jikoki ba za su taɓa ba, ƙura ba za ta shiga ba. Amma rauta tana watsa waifai ne ta kowane gefe, kamar yadda fitilar ƙwai ke watsa haske. Wanda ya ajiye fitila a kusurwar gida, rabin haskenta titi da gidan maƙwabci zai haskaka. Haka kuwa aka yi, don da na tsaya a ƙofar gida inda masu shayi ke zama, waifan ya fi na ɗakin Hajiya ƙarfi.

Sigina biyu ne, ba ɗaya ba

Kafin in motsa komai sai da na raba abu biyu da mutane ke haɗawa wuri ɗaya su kira su sabis. Rauta mai sim tana da aiki biyu. Tana karɓo sigina daga ƙarfen sabis da ke cikin unguwa, sannan ta raba wa wayoyin gida ta waifai. Ɗaya na iya yin kyau ɗayan ya lalace, kuma maganinsu ba ɗaya ba ne. Hanyar ganewa mai sauƙi ce: ka tsaya kusa da rauta ka gwada gudu, sannan ka je ɗakin da ake kuka ka sake gwadawa da wayar nan dai. A falon Kawu na sami 14 Mbps. A bakin ƙofar 'yan mata bai kai ko 1 ba, a cikin ɗakin kuwa gwajin ƙin tashi ya yi. Da a kusa da rautar ma abin ba ya gudu, da sai in ce layin ne ko ƙarfen. Tunda yana gudu a kusa yana mutuwa a nesa, laifin yana tsakanin rauta da ɗakuna, canza sim ba zai taɓa shi ba.

Sandunan nan uku ko huɗu da waya ke nunawa ba su isa a yi aiki da su ba, don kowace waya da yadda take ƙirga su. Na yi amfani da manhajar auna waifai a wayar Andiroyid, wadda ke nuna ƙarfin a lamba da ake kira dBm. Lambar tana zuwa da alamar ragi a gaba, kuma ƙarama ta fi babba kyau. Daga -30 zuwa -55 kana kusa, komai zai yi. Wajen -67 shi ne iyakar da masu aikin ke nema in ana son kiran bidiyo ya tafi ba yankewa. Daga -75 zuwa ƙasa saƙo zai shiga amma da jinkiri, in an kai -85 kusan babu. Abin da ya kamata a riƙe shi ne lambar ba a hankali take sauka ba. Duk ragin 3 rabin ƙarfin ne ya tafi, duk ragin 10 kuma kashi ɗaya cikin goma ne ya rage. Tsakanin -60 da -80 ninki ɗari ne.

Na zana gidan a takarda, taubashiyata ɗalibar jami'a ta riƙe biro, muka bi ɗaki ɗaki. Muna tsayawa inda ake zama da waya da gaske, bakin gado ko kan kujera, mu jira kamar rabin minti lambar ta natsu. Falon Kawu -44, turaka -57, shagon samari -66. Falon Hajiya -70, uwar ɗakanta -78. Falon Anti -84, uwar ɗakanta da ɗakin 'yan mata sunan waifan ma yana ɓacewa yana dawowa.

In ka dubi jerin nan za ka ga kowane ɗaki yana cin lamba takwas ko makamancin haka, alhali tazarar da ke tsakaninsu mita huɗu ce kawai. Ba nisa ne ke cinye ta ba. A fili, inda babu abin da ya tare, ninka tazara sau biyu 6 kawai yake ragewa: daga mita biyar zuwa goma 6, daga goma zuwa ashirin wata 6. Bangon bulo guda ɗaya mai shafe yakan ci fiye da haka. Siginar da ta tashi daga kantar Kawu za ta nufi uwar ɗakan Anti sai ta huda bango biyar a jere. Shi ya sa nake cewa masu gida su daina ƙirga taku, su ƙirga bango.

Wurare uku da muka gwada

Ina da ƙaramin batiri na ajiya mai ba da bolt 12, irin wanda ake haɗa wa rauta don kada ta mutu in an ɗauke wuta. Na jona ta da shi, ta zama abin ɗauka a hannu. Wannan shi ne kayan aikin da ya fi komai amfani a ranar. Wanda ba shi da shi, doguwar wayar wuta za ta yi. Kada a huda bango ko a ja waya sai an gwada wurin an gani.

Na fara da abin da ba ya cin ko sisi: na fito da ita daga kanta na ɗora a kan kabad, tsayin kamar mita biyu, nesa da talabijin. Ɗakunan da ke kusa sun ƙaru da biyar ko shida. Falon Hajiya ya dawo -64, ya gyaru ke nan. Amma sashen Anti da na 'yan mata suna nan yadda suke, bangayen ba su ragu ba.

A nan ne na buɗe shafin rautar don in ga ɗaya siginar, ta ƙarfen sabis. Adireshin yana rubuce a ƙasan rauta tare da kalmar shiga, yawanci `192.168.0.1` ko `192.168.8.1`. A cikin kanta ga abin da take nunawa:

```
RSRP: -104 dBm
SINR: 5 dB
```

Ta farko ƙarfin siginar ƙarfe ce, kuma ma'auninta daban yake da na waifai: -90 yana da kyau, -100 tsaka-tsaki, -110 ya yi rauni. Ta biyu tsabtar siginar ce, yadda ta fi hayaniyar da ke kewaye da ita, a nan kuma babba ta fi kyau. Sama da 13 ana murna, ƙasa da 5 ana wahala. Na leƙa daga ƙofar gida na hango ƙarfen da nake zaton shi take kamawa, arewa maso gabas da gidan. Na riƙe wannan a raina.

Wuri na biyu shi ne wanda kowa a gidan ya nuna da yatsa: baranda, a bango, daidai tsakanin uwar ɗakan Hajiya da falon Anti. In aka auna da igiya nan ne tsakiyar gidan. Ni ma na zaci a nan za a gama. Ɗakuna biyun da ke bayanta suka tashi zuwa -50 da 'yan kai. Amma falon Hajiya da uwar ɗakan Anti, waɗanda ke ƙarshen jerin, suka tsaya wajen -70, turakar Kawu ta faɗi zuwa -79. Sannan RSRP ta koma -111, gudun ya ragu har a kusa da rautar.

Dalili biyu ne. Na farko, rautar tana manne da bangon da ɗakunan ke jere a kansa, saboda haka siginar da za ta shiga ɗakin ƙarshe ba kai tsaye take huda bangon ba, a karkace take binsa. Bulo mai inci tara in ka huda shi a miƙe inci tara ne. In ka bi shi a kaikaice sai ya zama ƙafa biyu ko uku na siminti, ga ginshiƙai masu rodi a hanya. Na biyu, barandar kudu take kallo, ƙarfen sabis kuma yana arewa. Ginin gaba ɗaya da kwanonsa sun shiga tsakani, kuma kwano ba ya barin sigina ta wuce, mayar da ita yake yi.

Ina tsaye a tsakar gida ina kallon takardar, sai Hajiya da ke tankaɗe a gindin sito ta ce, "Ɗan nan, ni daga nan duk ɗakunan nake gani. In na kira yaro daga nan kowa na ji." Ba shawara take ba ni ba, hira take. Amma abin da nake nema ke nan. A gidan da aka gina kewaye da tsakar gida, wurin da ya dace ba cikin jerin ɗakuna yake ba, yana ɗaya gefen ne, inda ake fuskantar ƙofofi da tagogi gaba da gaba.

Na hau kujera na ɗaga rautar a bangon sito, wanda ke kallon arewa, ƙarƙashin bakin rufi. Daga nan zuwa bangon ɗakunan kamar mita bakwai da rabi ne na iska zalla, kuma kowane ɗaki abu ɗaya ne tak tsakaninsa da ita, ko taga ko bango guda. Muka sake zagayawa. Falon Hajiya -58, uwar ɗakanta -55, falon Anti -56, uwar ɗakanta -62, ɗakin 'yan mata -63. Falon Kawu, ta tagarsa mai kallon tsakar gida, -64. Turaka -70, wadda ba ta kai yadda nake so ba amma tana aiki. Siginar ƙarfe kuma ta gyaru da kanta, don yanzu rautar tana hango arewa ta saman rufin ɗakunan: RSRP -95, SINR 12, gudu ya haura 20 Mbps a wannan hantsin. Ba kullum ake dacewa haka ba. A gidaje da yawa wurin da ya fi kama ƙarfe daban, wurin da ya fi raba waifai daban, sai an zaɓi tsakani ko an ja kebul. A nan Allah Ya sa sun haɗu a bango ɗaya.

Shagon samari ne ya biya kuɗin wannan sauyi. Daga -66 ya faɗi zuwa -83, domin kicin da bangon zaure sun shiga tsakani kuma shagon ba shi da taga ta ciki.

A bangon ma ba ko'ina ba

Bangon sito tsawonsa mita huɗu ne, kuma ƙarshensa biyu duk da matsala. Ta yamma tankin ruwa ne. Ruwa yana shanye sigina, ƙafafun ƙarfen kuma suna karkatar da ita. Da na matsa kusa da tankin har ya shiga tsakanin rauta da ƙofar 'yan mata, lambar ɗakinsu ta faɗi da tara nan take. Ta gabas kicin ne, kuma a gidan Kawu ana girki da itace in taro ya yi yawa, hayaƙi da maiƙo za su toshe ramukan shan iskar rauta cikin 'yan watanni. Na zaɓi wuri kusa da tsakiyar bangon, tsayin mita biyu da kwata, na bar kamar kamu biyu tsakaninta da kwano. Manna ta da kwano yana ɓata sigina, kuma kwanon da rana ta daka tanda ne.

Zafi ba ƙaramin abu ba ne a garinmu. Yawancin rautocin gida takardarsu ta ce su yi aiki tsakanin digiri 0 da 40, mu kuma a watan Afrilu muna wuce 40 a inuwa. Shi ya sa ban yarda da shawarar wani yaron gidan ba, da ya ce a ɓoye ta a cikin silin. Tsakanin silin da kwano ya fi ko'ina zafi a gida. Rautar da zafi ya dama tana da alama: da safe lafiya, daga azahar zuwa la'asar ta riƙa yankewa ko ta kashe kanta ta kunna, in ka taɓa bayanta ka ji kamar dutsen guga. Bangon da ke kallon yamma shi ne mafi muni, don ranar yamma tana shigowa ta ƙarƙashin rufi. Namu arewa yake kallo, bakin rufi yana ba shi inuwa. Saboda damina na saka ta a akwatin roba, na huda ramuka ta ƙasa don iska, na bar gefen gabas a rufe tunda daga can hadari ke taso mana da iska. Roba dai, ba ƙarfe ba. Na taɓa zuwa wani shago inda aka ƙera wa rauta akwatin ƙarfe da kwaɗo saboda ɓarayi, ana mamakin me ya sa waifai ya mutu.

Ƙahoninta biyu na miƙar da su sama. Eriya irin wannan tana watsawa ne ta gefe, kamar faifai a kwance, ba ta tsininta ba, don haka nuna ɗaki da tsinin ƙaho ba ya ƙara masa komai. Kuma a wasu rautoci masu sim ƙahonin na karɓar siginar ƙarfe ne, eriyar waifai tana ciki. Yawan ƙaho ba ya huda bango. Ko da babbar rauta ta yi ihu ta kai ƙurya, dole waya ta mayar da amsa, kuma muryar waya ƙarama ce, ta bangayen nan za ta biyo.

Akwai wani abu da ma'auni ba ya nunawa. Da na rataye ta a ɗakin ɗaya daga cikin matan, ko a jikin bangonta, to duk ranar da sabis ya yi rauni za a ce an kashe ne da gangan. Ban faɗi haka ba, Kawu ma bai faɗa ba, amma da na nuna masa bangon sito ya gyaɗa kai da sauri. Wutarta ma ban ɗauko daga cikin sito ba, don makullinsa yana bin mai girki. Na jawo daga layin inbata na Kawu ta cikin bututun roba, na bar ƙaramin batirin a cikin akwatin.

Kuskurena

Kwana biyu bayan haka Kawu ya sake kira. Anti ta ce da rana lafiya, amma da dare in ta shiga uwar ɗaka abin yana komawa gidan jiya. Na fara zaton cunkoso ne, domin daga magariba zuwa goma na dare kowa a unguwa yana kan ƙarfe ɗaya, gudu yakan ragu ko ina aka ajiye rauta. Amma na tambayi Hajiya da 'yan mata, suka ce nasu yana tafiya. Cunkoso ba ya zaɓar ɗaki.

Na koma bayan isha'i, na yi sallama, Anti ta ba ni wuri na auna. -77. Ga dalilin a gabana: duk awon da na yi na yi shi ne da hantsi, ƙofofi a buɗe, tagogi a buɗe ana shara. Da dare, ga sanyin hunturu da ƙura, ta rufe ƙofar ƙarfe ta rufe tagar ƙarfe. Sauran ɗakunan tagoginsu gilashi ne mai ɗagawa, nata ne kaɗai ke da tsohuwar taga mai marfin ƙarfe. Na san ƙarfe yana tare sigina, na faɗa wa mutane haka sau da yawa, amma ban rufe ƙofa na auna ba. Awon da ya dace shi ne wanda aka yi a lokacin da ake amfani da abin, kuma a yanayin da ɗakin yake kasancewa.

Taga ma iri-iri ce. Sandunan ƙarfe na tsaro, in tazararsu tana da faɗi, suna barin mafi yawan sigina ta wuce. Ragar sauro ta roba ba ta hana komai, amma ta waya, wadda aka saƙa da ƙarfe, tana tarewa sosai, haka ma gilashin nan mai kama da madubi da ake yayi yanzu.

Da tagar a rufe, hanya ɗaya da ta rage ita ce bangon, kuma daga inda na rataye rautar a karkace take samunsa. Na matsar da akwatin kamar mita ɗaya da rabi zuwa yamma, iyakar inda zan kai tankin bai tare ƙofar 'yan mata ba. Uwar ɗakan Anti ta dawo -69 a rufe, turakar Kawu ta sauka daga -70 zuwa -72. Na gaya masa kafin in ɗaure, ya ce shi a falo yake duba waya, a bar wa Anti.

Sannan na lura wayarta tana maƙale da 5 GHz. Rautar tana watsawa a zango biyu ƙarƙashin suna ɗaya, 2.4 GHz da 5 GHz. Na biyun ya fi gudu amma bango ya fi cin sa, na farkon ya fi juriya da nisa. Wayar takan kama 5 a tsakar gida ta shiga ɗaki da shi ta ƙi saki. Na shiga shafin rautar na ba kowanne sunansa, na sa wayoyin uwar ɗaka da na ƙurya a kan 2.4, na mantar da su ɗayan. Muka kira ɗan Hajiya ta bidiyo daga kan gadon Anti, ƙofa da taga a rufe, minti goma bai tsaya ba.

Shagon samari

Wannan babu wurin da zai gyara shi ba tare da an ɓata wa mutum shida ba. Samarin sun so a sayo ƙaramar na'urar nan da ake sokawa a soket ta maimaita sigina. Na hana, don ita ba ta ƙirƙirar abin da ba ta samu ba. In aka soka ta a shagon, -83 ɗin nan za ta karɓa ta maimaita, waya ta nuna sanduna cike amma babu gudu. Sai an ajiye ta a tsakani inda sigina ke da kyau, kuma ko a nan mai zango ɗaya tana raba gudu kusan biyu, tunda da baki ɗaya take saurare take magana. Tsakanin kuwa kicin ne.

Muka ja kebul na Cat6, mita 18, cikin bututu a bin bangon kudu. Irin wannan kebul yana kai mita 100 ba tare da gudu ya ragu ba. A shagon muka sa wata tsohuwar rauta da ke jibge a durowar Kawu. Na kashe mata `DHCP` don babbar ce kaɗai za ta riƙa raba adireshi, na ba ta adireshin da bai yi karo da na babbar ba, na soka kebul a ramin `LAN` a duka ɓangarorin. A zangon 2.4 tashoshi uku ne ba sa shiga juna, 1 da 6 da 11. Maƙwabta biyu na gani a kan 6, sai na sa babbar a 1, ta shago a 11. Shagon ya tashi zuwa -45, zaure ma ya samu, har turakar Kawu ta fi jin ta shagon da ɗan kaɗan, sai na sa masa ita a wayarsa. Na ce wa samarin in hadari ya taso da tsawa su zare kebul ɗin, don doguwar waya a waje tana iya kawo wa na'ura lahani.

Abin da aka saya duka: akwatin roba, bututu, kebul, wayar wuta, da ƙaramin batirin da Kawu ya ce in bar masa ya biya. Rautar ita ce dai ta farko, da layinta.

Na koma a tsakiyar Afrilu da azahar, don zafin ne ya fi damuna. Na buɗe akwatin na taɓa, da ɗumi amma hannu yana zama a kai, kuma babu wanda ya ce ta taɓa kashe kanta. Ƙura ta taru a ramukan ƙasa, na kaɗe da burushi na nuna wa taubashiyata yadda za ta riƙa yi duk wata. Lambobin ɗakuna suna nan kusa da yadda na bar su, sai na 'yan mata da ya sauka zuwa -70. Na duba na ga an ƙara duro biyu na ruwa a kan wani benci a gindin tankin saboda ƙarancin ruwan bazara, sannan an jingina tsohon kwano a jikin ƙafafun tankin, ya leƙo daidai layin ƙofarsu. Muka janye kwanon zuwa bayan kicin, muka sauke durorin ƙasa, lambar ta dawo -64.